Tambayoyi da amsoshi: yadda ake daidaita wuya, wuyan riga da kalar jiki da fuskar da aka ɗora don kar kai ya fito kamar liƙi

Waɗannan tambayoyin su ne masu koyon editin suka fi yi idan aka kawo aiki irin na situdiyo: kwastoma ya kawo hotonsa yana so a sa masa kwat ko kaftani na shadda, ko hoton biki ne ango ya lumshe ido a wanda amarya ta fi kyau, sai a ɗauko kansa daga wani hoton. Da Photoshop zan yi bayanin, amma kusan duk sunayen nan za ka same su a Photopea ma.

Na yanke kan tsaf, gefen ya yi laushi, amma kowa ya gani sai ya ce haɗi ne. Ina matsalar?

Yawanci ba a yankan take ba. Mutane suna ɓata awa guda suna goge gefen gashi da kunne, alhali abin da ke tona asirin aikin yana ƙasan haɓa. Ido yana tsammanin ya ga inuwa a ƙarƙashin haɓa, ya ga wuya ya shige cikin riga, ya ga kalar fuska da ta wuya da ta hannu sun yi dangantaka, in ɗaya ya ɓace sai kan ya zama kamar yana shawagi a gaban jikin ko da mai kallon bai iya faɗin dalili ba.

Kuma akwai tsarin da ya kamata a bi, kar a tsallaka: girma da karkatar kai da farko, sai haske da duhu, sai kala, sai inuwa, a ƙarshe kaifin hoto. In ka fara da kala tun ba ka gyara haske ba za ka yi ta zagaye ne kawai, duk sanda ka taɓa haske kalar ta sake gocewa.

Wuyan wa zan bari, na mai fuskar ko na mai jikin?

Ya danganta da rigar. In kaftani ne mai tsayayyen wuya, ko kwat da shat a ɗaure har sama, to ka taho da kan tare da wuyansa, ka cusa wuyan cikin rigar, wuyan rigar ne zai ɓoye mahaɗar gaba ɗaya kuma ka huta da neman kala tunda fuska da wuya daga hoto ɗaya suke. In kuma rigar buɗaɗɗiya ce, ana ganin ramin maƙogwaro da saman ƙirji, gara ka bar wuyan mai jikin, ka yanke kan a kan layin muƙamuƙi, daga ƙasan kunne zuwa haɓa zuwa ɗaya kunnen. Nan wurin tun asali akwai inuwa, ita za ta rufa maka asiri.

Abin da ba a yi shi ne haɗawa a tsakiyar wuya, rabi na wannan rabi na wancan. Fatar wurin a shimfiɗe take, babu wani layi da zai ɓoye canjin, ko bambancin kaɗan ne sai ya fito kamar an ɗaura zare.

Sai ka lura da jijiyoyin nan biyu manya da ke saukowa daga bayan kunne zuwa ramin maƙogwaro. In mai jikin ya juya kansa dama lokacin da aka ɗauke shi, jijiyar gefe ɗaya za ta miƙe ta fito, to in ka ɗora fuskar da ke kallon gaba sak a kan wannan wuyan, ba kalar da za ta gyara shi, sai dai ka nemi wani jikin.

Yaya zan san girman kan ya yi daidai?

In jikin yana da nasa kan, kar ka goge shi tukuna. Rage `Opacity` na sabon kan zuwa 50%, danna `Ctrl+T`, ka jera ido a kan ido, haɓa a kan haɓa. Tazarar da ke tsakanin layin idanu da haɓa ita ce ma'aunin, ba faɗin fuska ba, don wani mai kumatu ne wani siriri. In ba kai a jikin, irin kayan kwat da ake saukewa, ka tuna babban mutum a tsaye tsawonsa kusan kai bakwai da rabi ne, kuma faɗin kafaɗun namiji kusan tsawon kai biyu ne. Masu koyo sun fi yin kan da girma, kuma sun fi ɗaga shi sama, sai wuya ya yi tsawo. In kana shakka sauke shi kaɗan.

Wuyan rigar fa? Nawa kullum sai ya zama kamar kan yana zaune a saman rigar.

Saboda leya biyu kawai kake amfani da su, kai a sama jiki a ƙasa. Wuyan riga zagaye yake, bayansa yana bayan wuyan mutum, gabansa yana gaban wuyan, don haka dole wuyan ya shiga tsakani. Leya uku ake yi. Jikin a ƙasa. Kai da wuya a tsakiya. Sannan ka koma jikin, ka zagaye gaban wuyan rigar da `Pen Tool`, ka mai da shi zaɓi, `Ctrl+J`, ka ja wannan guntun ka kai shi saman kan. Shi ke nan wuya ya shiga riga.

Gefen wuyan riga ba ya son laushi sosai, `Feather` na 0.5 zuwa 1 px ya isa, don yadi gefensa a tsaye yake, musamman shadda da aka buga ta sha sitati. In tsohon wuyan ya fi sabon kauri za ka ga gibi a gefe, ana hango fatar wancan mutumin ko bango. Cike gibin da cikin rigar, wato kalar yadin amma mai duhu, ko ka matso da wuyan rigar ciki kaɗan da `Liquify`. Kaɗan fa, in akwai aikin zare a wurin zai lanƙwashe a gane.

Sarƙa da ɗankunne da bakin mayafi duk haka ake musu: abin da ke gaban fata ya hau leyar sama. Hijabi ma ya fi sauƙi tunda ba wuya, amma ka tuna bakin hijabin yana jefa siririyar inuwa a goshi da kumatu.

Oga, fuskar zan mayar kalar jikin ko jikin zan mayar kalar fuskar?

Nan ne mutane da yawa ke ɓata wa kwastoma rai. Abu biyu ne a cakuɗe, akwai kalar fatar mutum, akwai kalar hasken da ya haska shi. Haske a bi na hoton jiki, domin shi ne ke tare da bango da riga. Kalar fata kuwa a bi ta mai fuskar, domin shi ne mai hoton, in ka mai da wankan tarwaɗa ya koma baƙi wuluk ko ka mai da baƙin mutum fari don ya dace da hannun wani, ya zo karɓa zai ce wannan ba ni ba ne, kuma gaskiyarsa.

Yadda za ka bambance su: nemi wani abu fari ko toka a kowane hoto, riga, hula, bango. Auna shi. In farar shadda ta ba ka R 226, G 231, B 243, to shuɗin nan ba na fatar mai jikin ba ne, hasken wurin ne, duk hoton yake. Wannan sai ka gyara shi a hoton jikin gaba ɗaya, ko kuma ka bar shi ka ɗan sa wa fuskar irinsa. Abin da ya rage bayan nan shi ne ainihin bambancin fata, shi kuma a wuya da hannaye ake gyara shi. Kar ka auna da farin ido, ba fari ba ne na gaske.

In kuwa mutum ɗaya ne a hotunan biyu, kamar misalin angon nan, aikinka ya zo da sauƙi: auna kumatunsa a hoton jikin kafin ka rufe, ka kai sabon kumatun kan wannan lambar.

A ba mu misali da lambobi mana.

To. A ce kwastoma ya kawo hoton da aka ɗauka a waje da yamma, za a ɗora shi a jikin wani mai kaftani buɗaɗɗen wuya da aka ɗauka a situdiyo, kuma mun riga mun gyara farin rigar.

Ɗauki `Color Sampler Tool`, a sama ka sa `Sample Size` ya zama `11 by 11 Average`, in ka bar shi a `Point Sample` ɗigo ɗaya zai karanta, ƙila ma ramin gashi ne. Buɗe `Info` da `F8`. Sa ɗigo ɗaya a kumatu, wurin da ba ƙyalli ba inuwa, wani a gefen wuyan da haske ke samu. A ce mun samu haka:

```
kumatu:  R 142  G 96  B 72
wuya:    R 120  G 88  B 78
```

Duba tazarar. A kumatu tsakanin G da B akwai 24, a wuya 10 kacal. Ma'ana wuyan ya fi toka-toka da shuɗi-shuɗi, fuskar ta fi ɗumi. Wannan ne ke sa a ga kamar mutum ya shafa hoda a fuska ya manta wuya.

Ba lambar kumatun za mu kai wuyan ba daidai wa daida, don wuya ko a zahiri ya ɗan fi kumatu duhu tunda kai yana tare masa haske. Ni nakan fara da rage kamar kashi 12 cikin ɗari in gani. Kenan 142 ya koma 125, 96 ya koma 84, 72 ya koma 63. Sai ka zagaye fatar jikin kaɗai, ka buɗe leyar `Curves`, ka shiga tasha-tasha, ka danna kan layin don sa ɗigo, ka rubuta:

```
Red:    Input 120  Output 125
Green:  Input 88   Output 84
Blue:   Input 78   Output 63
```

Ka ga shuɗin ne ya fi motsi, ja da kore ɗan taɓi ne kawai. Bayan nan kar ka tsaya a ɗigo ɗaya, sake aunawa a wurin inuwa, gefen muƙamuƙi mai duhu da gefen wuya mai duhu, don sau da yawa tsakiya ta dace amma inuwar fuska tana ja-ja ta wuya tana kore-kore. In haka ne ƙara ɗigo na biyu a ƙasan layin. Lambar tana kai ka kusa ne, daga nan ka ja da baya ka kalli hoton a ƙarami, in ya yi yawa ka rage `Opacity` na leyar zuwa 80% ko makamancin haka.

In fuskar kake gyarawa, danna `Ctrl+Alt+G` don `Curves` ɗin ya kama leyar kan kaɗai, kar ya zubo kan riga.

Idona ba ya gane bambancin kala sosai, akwai dabara?

Akwai, kuma ko wanda ya daɗe yana yi yana amfani da ita, ido yana sabawa da kuskure in ya jima yana kallo. Yi leyar `Solid Color` a can sama da lambar `808080`, ka sa yanayinta `Color`. Hoton zai koma baƙi da fari, sai ka ga haske zalla: shin fuskar ta fi jikin haske, shin duhun fuskar ya kai duhun rigar. Wannan na biyun ana yawan mantawa, ramin hanci da gashin gira su ne mafi duhu a fuska, in sun yi fari-fari alhali inuwar hammatar riga baƙa ce ƙirin, kan zai yi kamar an rufe shi da hazo.

In ka gama da haske, juya leyar tokar nan zuwa `Luminosity`, yanzu kala zalla za ka gani ba haske, ɗora `Hue/Saturation` a samanta ka ja `Saturation` sama sosai. Hoton zai yi muni, ba komai, amma nan take za ka ga fuska ruwan lemo wuya ruwan hoda in ba su dace ba. Gyara har su zama dangi ɗaya, sannan ka kashe leyoyin gwajin kafin ka adana.

`Match Color` ba zai yi min duk wannan ba?

Yana taimakawa, amma in ka bar shi haka zai kwaso kalar bango da riga ya zuba wa fuska. Zaɓi fata kaɗai a ɓangarorin biyu, ka kunna `Use Selection in Source to Calculate Colors`, sannan ka ja `Fade` har ya lafa. Mafari ne, ba ya sa inuwa, ba ya san ina haske ya fito.

Inuwar ƙasan haɓa, yaya ake zana ta ba ta zama kamar datti ba?

Kar ka yi da baƙi. Inuwa a fatar mutum ba baƙa ba ce, ruwan ƙasa ce mai duhu da ɗan ja a ciki, in ka sa baƙi sai wurin ya yi toka kamar an shafa gawayi. Ɗebo kalar daga inuwar da ke fuskar kanta, ƙasan leɓe ko cikin kunne. Buɗe sabuwar leya, yanayi `Multiply`, ka ajiye ta ƙarƙashin leyar kan amma saman wuyan, ta haka layin muƙamuƙi zai tsaya da kaifinsa, inuwar ta faɗa bayansa. Burushi mai laushi, `Flow` 3% zuwa 5%, ka yi ta shafawa a hankali.

Inuwa biyu ce a gaskiya. Akwai siririya mai duhu daf da inda haɓa ta rufe wuya, da inda wuyan riga ya taɓa fata. Akwai faffaɗa mai laushi da ke saukowa ƙasa. Ita faffaɗar tana bin haske, in fitila tana sama ta hagu inuwar za ta zube ƙasa ta dama. Kaifinta kuma ka kwaikwayi sauran inuwoyin jikin, duba inuwar maɓalli ko ta aljihu ko ta hannu a kan riga, in gefensu a yanke yake to taka ma a yanke, in a baje suke taka ma a baje.

Ga wani abu da ba kowa ke lura ba. Riga tana mayar da haske sama. Mai farar shadda ƙasan haɓarsa ba ya duhu sosai, farin yana haska shi daga ƙasa, mai jan leshi ko koren atamfa kuma za ka ga ɗan ja ko kore a ƙasan muƙamuƙinta. To in ka ɗauko kan daga hoton da take sanye da ja ka kai shi kan farar riga, jan nan yana nan maƙale a haɓa, sai ka cire shi: sabuwar leya a yanayin `Color`, ɗebo kalar kumatu, shafa wurin. Sannan ka ɗan sa kalar sabuwar rigar a wurin, kaɗan ƙwarai, yadda sai ka kashe leyar ka kunna za ka san tana nan.

Hasken fuska daga dama yake, na jiki daga hagu. In juya hoton?

Da farko tabbatar, duba ɗigon hasken da ke cikin ƙwayar ido da gefen da inuwar hanci ta faɗa. In da gaske sun saɓa, `Flip Horizontal` yana yi amma da sharaɗi. Juya fuska yana canza mutum, tabo ko zane ko wushirya da ta karkata duk za su koma ɗaya gefen, 'yan gidansu za su ji wani iri. Juya jiki ma yana da nasa, aljihun ƙirjin kwat a hagu yake, aikin babbar riga da aljihunta ma hagu suka fi yawa, balle in akwai rubutu ko tambari. Kaftani marar aiki ko mai aiki a tsakiya shi ne ke juyuwa lafiya. In bambancin kaɗan ne za ka iya rage hasken gefe ɗaya ka ƙara wa ɗayan da `Curves` biyu da burushi, amma in rana ce ta doki rabin fuska, kar ka wahalar da kanka, ka ce ya turo wani hoton.

Amarya ce, kwalliyar ta sa fuskarta ta fi wuyanta haske tun asali. Yaya zan yi?

Kar ka auna a ƙasan ido ko tsakiyar goshi, nan ne mai kwalliya ta fi zuba haske. Auna a gefen muƙamuƙi kusa da kunne, ya fi kusa da fatarta ta gaske, shi za ka haɗa da wuyan. Daga nan sai canjin ya tafi a hankali, wuya ya ɗan fi muƙamuƙi duhu, ƙirji da kafaɗa su bi wuya. Hannu kuma ka cire lalle daga zaɓinka, in ba haka ba `Curves` zai mai da jan lalle wata kala daban, haka zobe da agogo da farce.

Hannaye dole ne sai an taɓa su?

In jikin wani ne, dole. Su ne wuri na biyu da ido ke zuwa bayan fuska. Yi amfani da `Curves` ɗin da ka yi wa wuya, ka buɗe masa hanya a hannayen da farin burushi, sai dai bayan hannu yakan ɗan fi fuska duhu, gaɓoɓin yatsu sun fi duhu, tafin hannu kuma ya fi haske da ja, kar ka mai da su duka kala ɗaya. Shekaru ma suna nunawa a hannu, fuskar dattijo a kan hannun saurayi ba ta zama.

Kala ta dace, inuwa ta zauna, amma fuskar ta yi sumul jikin kuma yana da tsakuwa-tsakuwa.

Kyamarori biyu ne. Hoton da aka turo ta WhatsApp an matse shi, wayoyi da yawa kuma suna goge fata da kansu. Dokar ita ce mai kyau ya sauko wurin marar kyau, don ba za ka iya ƙirƙiro kaifin da babu ba. In jikin ya fi kaifi, sa masa `Gaussian Blur` na 0.3 zuwa 0.8 px har gefen wuyan riga ya yi daidai da gefen kunne. Sannan ka yi sabuwar leya da `Ctrl+Shift+N`, yanayi `Overlay`, ka kunna cikawa da toka 50%, ka sa `Add Noise` kamar 1% zuwa 3%, `Gaussian`, `Monochromatic`. In fuskar ce kaɗai ta yi sumul ka maƙala leyar a kanta, in ba haka ba ka bar ta a saman komai ta game hoton. A zum 100% ake duba wannan. Kuma ka riƙa ce wa kwastoma ya turo hoto a matsayin fayil, ba ta hanyar da ake matse shi ba.

Wani ya kawo hoton wata ya ce in ɗora kanta a wani jikin, in yi?

In ba ita ta aiko ba, ko ba ka ji daga bakinta ba, a'a. Haka hoton da za a kai wa hukuma don takardar shaida, wannan a sa rigar a ɗauka kawai. Aikin situdiyo na mai hoto ne da ya zo da kansa, ko iyalan da suka kawo hoton mamacinsu za a sa a firem.

A waya zan iya?

Za ka iya in manhajar tana da leya da `Curves` mai tashar ja da kore da shuɗi, Photopea ma yana buɗewa a burauzar waya, sai dai zagaye wuyan riga da yatsa akwai wahala. Kashe abin nan da ke sa allo ya yi ruwan ɗorawa da dare kafin ka fara, in ba haka ba duk kalar da ka haɗa ƙarya ce. In kuma firintin za a yi, fitar da ƙarami ka gani tukuna, takarda da bana sukan fi allo duhu, inuwar wuyan da ta yi daidai a allo tana iya toshewa ta koma baƙi, sai ka rage `Opacity` na leyar `Multiply` ɗin ka sake fitarwa.